Rasit ɗaya ya shigo sau biyu: wace hanyar cire maimaici za ka zaɓa?

A lokacin girbin shinkafar rani nake kula da kwamfutar wata ƙungiyar manoma a yankin Auyo da ke Jigawa. Wakilanmu suna auna shanshera a bakin gona, su rubuta sunan manomi da nauyin kaya a fom ɗin waya, fom ɗin ya tafi saba idan an sami sabis. Ni kuma na rubuta ɗan sikirif da ke jawo sababbin rasitai daga sabar zuwa rumbun bayananmu kowace awa ɗaya. Wata ranar kasuwa ma'ajinmu, dattijon da har gobe bai rabu da littafinsa na takarda ba, ya turo min littafin a kan tebur ya ce: "Yaro, ni rasit 412 na ƙirga. Na'urarka ta ce 619. Sauran buhunan a wane sito kuka zuba su?" Na ce: "Baba, a yi min haƙuri zuwa la'asar."

Ba kuskuren wakilai ba ne, tsarina ne. Jawowar ƙarfe 11:00 tana neman duk abin da ya iso saba daga 9:30 zuwa 11:00, ta 12:00 kuma daga 10:30 zuwa 12:00. Wato kowace tagar lokaci tana hawa kan ta baya da minti 30, don haka duk rasit ɗin da ya iso tsakanin 10:30 da 11:00 sau biyu yake zuwa. Rabin kowace awa ke nan, shi ya sa rarar layuka 207 ta yi kusan daidai da rabin 412. Ga yadda na tabbatar:

```sql
SELECT lamba, COUNT(*) FROM awo
GROUP BY lamba HAVING COUNT(*) > 1;
```

Da na duba lokacin isowar waɗanda suka fito, dukkansu tsakanin minti na 30 ne da na 59 na kowace awa. Wannan ita ce alamar maimaicin da hawan taga ke haifarwa: lamba ɗaya, kuma a cunkushe a yanki ɗaya na agogo. Idan wakili ne ya cike fom sau biyu da hannunsa, lambobin za su bambanta kuma lokutan a warwatse suke. Wannan wata cuta ce daban, babu ɗaya cikin hanyoyi huɗu da zan kawo a ƙasa da ke maganinta.

Da gangan na sa tagogin su hau juna, kuma mai karatu ya san dalilin kafin ya zaɓa. Saba tana buga wa rasit lokaci sa'ad da ta fara karɓarsa, amma mai tambaya ba ya ganinsa sai ta gama ajiyewa. Rasit mai ɗauke da hoton sikeli zai iya samun tambarin 10:59 amma bai bayyana ba sai bayan 11:00 ta wuce. Ƙari a kan haka, agogon kwamfutarka da na saba ba lallai su zo daidai ba. Hawan tagar shi ke komawa ya tsinto irin waɗannan makararrun.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko, wane irin kuskure hanyar ke yi idan ta gaza. Rasit ya ninku, ko rasit ya ɓace? Ninki yana kururuwa, ma'aji zai gan shi kafin a biya. Ɓata kuwa shiru take yi har sai manomi ya zo da takardarsa a hannu yana neman kuɗinsa. Na biyu, me take yi da rasit ɗin da aka gyara bayan an riga an jawo shi. Na uku, me take yi da tagwaye na gaskiya, wato rasit biyu daban da suka yi kama ta kowace fuska. Bayan waɗannan sai tsada, wadda a nan ba ta sayen manhaja ba ce, domin kayan aikin duk kyauta ne. Tsadar ita ce datar intanet da lokacin mai rubutawa. Sai ƙarko, musamman ranar da batirin sola ya mutu ana tsakiyar jawowa, sannan sauƙin kafawa.

Rasit biyu zan riƙa gwada kowace hanya da su. Na ɗaya ya iso 10:40 da kilo 78, aka jawo shi 11:00, wakili ya lura ya juya lambobin ya gyara zuwa 87 da ƙarfe 11:15, jawowar 12:00 ta sake kawo shi da 87. Na biyu kuma manomi ne da ya kawo kaya sawu biyu a amalanke rana ɗaya, kowane sawu buhu biyar, sikeli ya nuna kilo 400 a duka biyun, aka ba shi rasit biyu.

Hanya ta ɗaya: a daina hawan taga gaba ɗaya

Ita ce ke fara zuwa wa kowa a rai. Kowace taga ta fara daidai inda ta baya ta tsaya, a ɗauki bakin farko a bar bakin ƙarshe:

```sql
WHERE isowa >= :fari AND isowa < :karshe
```

A kula da `BETWEEN`, domin ita bakin biyu duka take ɗauka. Rasit ɗin da ya faɗo daidai 11:00:00 zai shiga taga biyu ko da ba ka yi niyyar hawa ba.

Arha ce ta ƙarshe, ba ka sauke komai sau biyu, kuma gyaran layi ɗaya ne. Mai amalanke ya tsira, rasit ɗinsa biyu suna nan. Amma rasit ɗin kilo 78 zai zauna a 78, tun da ba za a sake waiwayarsa ba. Mafi muni, makararren 10:59 ya tafi ke nan: tagar 11:00 ba ta gan shi ba, tagar 12:00 kuma ba ta tambaye shi ba. Gudun gara ne a faɗa gidan zago. Akwai masu rage haɗarin ta hanyar jinkirta bakin ƙarshe, a ce jawowar 11:00 ta tsaya a 10:50, don a bai wa saba minti goma ta gama ajiya. Yana taimakawa, amma bai hana maimaici ranar da wuta ta ɗauke bayan an ajiye rabin rasitai ba, domin sake gudanar da tagar zai zubo rabin farko a karo na biyu.

Hanya ta biyu: a zuba komai, a share daga baya

A bar tagogi su hau juna, a tara duk abin da ya zo a tebur guda, sannan a tace kafin a fitar da rahoto. Mai Excel yana da maɓallin Remove Duplicates, mai Python yana da pandas:

```python
df = df.sort_values("gyara")
df = df.drop_duplicates(subset="lamba", keep="last")
```

Duk darajar wannan hanya tana cikin `subset` ɗin nan. Ranar da Baba ma'aji ya kama ni, abin da na fara yi cikin gaggawa shi ne tace layukan da suka yi daidai a kowane shafi, sai na ga ko ɗaya bai fita ba. Ashe sikirif ɗina yana ƙara wa kowane layi lokacin da aka jawo shi, saboda haka kwafin 11:00 da na 12:00 ba su taɓa zama iri ɗaya ba. Da na cire wannan shafin, yawanci suka fita, amma 78 da 87 suka zauna tare, manomi ɗaya ya tashi da kilo 165. Idan kuma ka tace da suna da rana da nauyi kawai, mai amalanke ya yi asarar buhu biyar. Tacewa da lambar rasit, bayan an jera su bisa lokacin gyara a riƙe na ƙarshe, ita kaɗai ke fitar da su biyun lafiya.

Amfaninta babba ɗaya ne: ɗanyen bayanin yana nan ba a taɓa ba. Idan ka gano ka yi kuskuren tacewa, sai ka sake, kuma kana iya nuna wa manomi cewa da farko 78 aka rubuta kafin a gyara. Rauninta shi ne ta dogara da tunawar mutum. Duk wanda ya buɗe ɗanyen teburin ya haɗa jimla ba tare da ya bi ta matata ba, lissafin da ya kumbura zai samu, kuma a ƙungiya mai sakatare da ma'aji da mai sito, wani zai yi hakan wata rana. Ga shi kuma tebur yana ƙiba: da hawan minti 30 a kan awa ɗaya, layukanka sun ƙaru da rabi. Excel ma yana da nasa hali, na farkon da ya tarar yake riƙewa, don haka sai ka jera sabon gyara a sama kafin ka danna, in ba haka ba 78 zai ci.

Hanya ta uku: rumbun ya ƙi karɓar lamba sau biyu

A nan aikin ya bar hannun mutum ya koma ƙofar rumbu. Kana gaya wa teburin cewa lambar rasit ba ta maimaituwa, sannan ka faɗa masa abin da zai yi idan wadda ya sani ta sake zuwa:

```sql
CREATE UNIQUE INDEX awo_lamba ON awo (lamba);

INSERT INTO awo (lamba, manomi, kilo, gyara)
VALUES (?, ?, ?, ?)
ON CONFLICT (lamba) DO UPDATE
SET kilo = excluded.kilo, gyara = excluded.gyara
WHERE excluded.gyara > awo.gyara;
```

PostgreSQL ta sami `ON CONFLICT` tun fitowar 9.5 a 2016, SQLite kuma tun 3.24.0 a 2018, saboda haka ko tsohuwar laftof ɗin ofis mai fayil ɗin SQLite guda ɗaya za ta iya. Bi rasit ɗinmu ka gani. Da 11:00 lambar sabuwa ce, ya shiga da 78. Da 12:00 lambar ta ci karo da ta ciki, lokacin gyaransa 11:15 ya fi na cikin rumbu sabunta, sai 87 ya maye gurbin 78. Layi ɗaya, nauyi daidai. Mai amalanke yana da lamba biyu, duka sun shiga. Idan batiri ya mutu a tsakiya, ka sake gudanar da tagar sau goma ma, sakamakon ɗaya ne. Sharaɗin `WHERE` na ƙarshe shi ke hana tsohon kwafi ya danne sabo, misali ranar da ka koma ka loda tsohon fayil ɗin makon jiya. Wanda ya sa `DO NOTHING` a madadin haka ya tsira daga ninki, amma 78 zai zauna daram.

Tana da wuraren tuntuɓe, kuma na taka uku daga ciki. Na farko, lambar dole ta zama wadda ta taho da rasit ɗin daga tushe, irin doguwar lambar da manhajar fom ke ƙirƙira a waya tun lokacin cikewa. A manhajar fom ta ODK sunanta `instanceID`. Lambar jeri da teburinka ke bayarwa da kansa ba ta da amfani, domin kowane kwafi sabuwa zai samu. Haka lambar littafin rasit na takarda, idan wakilai biyu kowa littafinsa daga 001 ya fara, sai ka haɗa ta da lambar wakili. Kuma ka gwada da hannunka: gyara rasit ɗaya a saba ka ga ko lambar ta canza. A tsarin ODK gyara yana ba fom sabuwar `instanceID`, ya ajiye tsohuwar a `deprecatedID`, don haka sai ka nemi shafin da ba ya motsi ka ɗaura a kansa, ko ka bi sawun tsohuwar lambar.

Na biyu, idan shafin lambar ya zo babu komai, wato `NULL`, ƙa'idar ba ta kama shi. SQLite da PostgreSQL, in ba a sauya musu saiti ba, suna ɗaukar kowane `NULL` daban da ɗan'uwansa. Sa `NOT NULL` a shafin tun farko. Na uku, rumbu ba zai yarda ya kafa ƙa'idar a kan teburin da ya riga ya cika da maimaici ba, kuskure zai mayar maka. Sai ka kwafi rumbun ka ajiye gefe, ka share tsofaffin da hanya ta biyu sau ɗaya, sannan ka kafa. Mai PostgreSQL da ke tura layuka da yawa cikin umarni guda zai iya cin karo da `ON CONFLICT DO UPDATE command cannot affect row a second time`. Ma'anarsa lamba ɗaya ta zo sau biyu a cikin kaya ɗaya, sai a tace kayan kafin a tura.

Tsadarta yini ɗaya ne na mai rubutawa, da datar da hawan taga ke ci. Datar ma ana iya rage ta: da na mayar da hawan daga minti 30 zuwa 10, rarar saukewa ta sauko daga rabi zuwa kashi ɗaya cikin shida. Kafin ka rage naka, auna jinkiri mafi tsawo da ka taɓa gani tsakanin tambarin lokaci da bayyanar rasit, ka ba shi rata mai kyau a sama.

Hanya ta huɗu: ƙirƙirar hatimi idan babu lamba

Wani lokaci tushen ba ya ba da lamba sam, fayil ne kawai mai suna da nauyi da lokaci. Sai ka haɗa shafukan da ba sa canzawa su zama jimla ɗaya, ka wuce da ita ta SHA-256, ka sami hatimi mai haruffa da lambobi 64, ka yi amfani da shi a matsayin lamba a hanya ta uku. Ba abin marmari ba ce, ta dole ce. Hatimin ba ya yafe komai: `78` da `78.0` hatimi biyu ne, haka suna mai rarar fili a ƙarshe, don haka sai ka daidaita rubutun kafin ka buga. Idan ka sa nauyi a ciki, gyaran 87 zai shigo a matsayin sabon rasit. Idan ka cire lokaci, mai amalanke ya rasa sawu ɗaya. Mafi dama-dama shi ne manomi da wakili da lokacin awo har zuwa daƙiƙa, a bar nauyi a waje, tun da wakili ɗaya ba ya auna sawu biyu cikin daƙiƙa guda. Ranar da masu tushen suka sauya yadda suke rubuta kwanan wata kuwa, duk hatiman sun sauya, abin da ke cikin hawan taga ya ninku.

| Hanya | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Gyararren rasit | Tagwaye | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Babu hawan taga | Mafi arha | Rauni | Sosai | Ba ta gani | Lafiya | Ɓatan makararru |
| Sharewa daga baya | Data da wurin ajiya | Matsakaici | Da sauƙi | Daidai in an jera | Lafiya in da lamba | A manta tacewa |
| Lamba ɗaya a rumbu | Data da aikin yini | Mai ƙarfi | Sai mai SQL | Daidai | Lafiya | Zaɓen lambar da ke canzawa |
| Hatimi | Aikin kwanaki | Rauni | Da wuya | Ya danganta | Cikin haɗari | Sauyin tsarin rubutu |

Abin da babu wadda ke gyarawa

Akwai kurakuran da ke zaune a tagar kanta, ba a wurin tacewa ba. Wakilin da ya yi awo a fadama ranar Talata bai sami sabis ba sai Alhamis, idan tagarka a kan agogon waya ta dogara, hawan minti 30 ba zai taɓa kamo shi ba. A ɗora taga a kan lokacin saba, kuma in akwai shafin lokacin gyara na ƙarshe, shi ya fi, domin gyaran da aka yi washegari ta nan kaɗai zai dawo maka. Sannan sabobi da yawa da UTC suke aiki, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Ka tura musu agogonmu ba tare da ka faɗi yankin lokaci ba, tambayar 9:30 zuwa 11:00 za ta je sa'ad da agogonsu ke 10:00, ta gaba kuma ta fara daga 10:30, rabin kowace awa ya faɗi a tsakani. Rasit ɗin da aka goge a saba ma ba ya zuwa ya sanar da kai. Shi ya sa kowane dare nake kwatanta adadin rasitan yini a saba da na rumbuna. Idan kuma akwai saƙon waya ko umarnin biya da ke tashi daga bayanan, a ɗaure shi da shigar sabon layi a rumbu, ba da abin da aka jawo ba, don kada manomi ya ga saƙo biyu ya zo neman kuɗi biyu. Alamar inda jawowa ta tsaya kuma kada a matsar da ita sai an tabbatar ajiya ta kammala.

Wa ya dace da wace

Idan kuɗi na fita bisa bayananka, biyan manoma ne ko rabon taki ko bashin iri, kuma tushen yana ba da lamba tabbatacciya, ɗauki ta uku ka ci gaba da hawan tagarka. Ita muke kai yanzu, kuma Baba ma'aji har yanzu yana ƙirga littafinsa duk ranar kasuwa, ni ma ban hana shi ba. Idan ana yawan gardama a kan wa ya gyara me, haɗa ta biyu da ta uku: ɗanyen tebur da ba mai buɗewa sai kai, da tsabtataccen tebur da kowa ke karantawa. Mai tattara bayanan bincike da ke fitar da rahoto sau ɗaya a wata, shi kaɗai a kan kwamfutarsa, ta biyu ta ishe shi, muddin da lamba yake tacewa. Ta ɗaya ta dace da bayanan da ba a gyara su kuma ɓatan ɗaya ba ya cutar da kowa, kamar na'urar da ke turo zurfin ruwan rijiyar burtsatse kowane minti goma. Wanda tushensa ba shi da lamba, ya fara roƙon masu tushen su ƙara shafin. Kafin su amsa ya riƙe hatimi, ya kuma ware duk rasit biyun da suka zo da manomi ɗaya da wakili ɗaya cikin minti biyar, mutum ya duba su da ido kafin a biya.